Wasiƙar Neman Aiki: Daga Gwajin Manhaja da Hannu Zuwa Gwaji Mai Sarrafa Kansa

Mai gwajin manhaja da hannu shi ne wanda yake bin manhaja lungu da saƙo, yana danna maɓallai yana cike gurabe, don ya gano kurakurai kafin ta isa hannun jama'a. Injiniyan gwaji mai sarrafa kansa kuwa kod yake rubutawa, kwamfuta ta riƙa maimaita gwajin da kanta. Idan na farko ya nemi kujerar na biyu, tambaya ɗaya ce a ran mai ɗaukar aiki: shin wannan ya iya rubuta kod? Wasiƙar da ke rakiyar takardar tarihin aikinsa ita ce za ta ba da amsa, kuma ba ta wuce shafi ɗaya.

Sakin layi na farko gajere ne: aikin da ake nema da shekarun da aka yi ana gwaji. Zuciyar wasiƙar ita ce labarin kuskure guda ɗaya da mai nema ya tare. A ɗauki misalin manhajar biyan kuɗi. Mai gwaji ya rage gudun intanet da gangan ta Chrome DevTools, ya danna maɓallin biya sau biyu a jere, sai ya ga an cire kuɗin sau biyu. Dalili shi ne maɓallin bai kulle ba bayan dannawar farko, sabar kuma ba ta gane cewa buƙata ɗaya ce aka maimaita ba. Ya rubuta rahoto a Jira tare da matakan sake fito da kuskuren, aka gyara kafin a saki manhajar.

Nan ne wasiƙu da yawa suke tsayawa, alhali nan ne gadar take. Wannan labarin ya nuna kaifin ido ne kawai. Dole mai nema ya ƙara da cewa ya mayar da gwajin kod, misali da Playwright: umarnin `dblclick()` yana danna maɓallin sau biyu, sannan gwajin ya tabbatar biya ɗaya tak aka rubuta. Ya kuma faɗi cewa gwajin yana gudana duk lokacin da aka taɓa kod ɗin, don kada kuskuren ya dawo a ɓoye. Idan a gida ya koya, ya faɗi haka, ya ajiye irin aikin a GitHub inda za a duba.

Abubuwa uku ke ɓata irin wannan wasiƙa: ƙirƙiro adadin kuɗin da aka ceto ba tare da hujja ba, tona sirrin tsohon wurin aiki, da jero sunayen Selenium da Cypress alhali ba a taɓa aiki da su ba. A wurin ganawa ana iya cewa mutum ya rubuta gwajin nan take, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kayan aiki ana koyonsu, amma sanin inda manhaja ke karyewa sai wanda ya daɗe yana gwaji. Wasiƙar da ta haɗa wannan sanin da kod mai aiki ita ce take kai mai ita ga ganawa.