Yadda Ake Tsara Rubutun Da Mai Karanta Labarai Ke Gani A Gilashi

Mai kallon labaran dare a NTA yakan ɗauka mai gabatarwa ya haddace abin da yake faɗa ne, tunda idonsa ba ya barin kyamara. Karantawa yake yi. A gaban idon kyamarar akwai wani gilashi da aka jingine a karkace, a ƙarƙashinsa kuma wani allo na kwance. Rubutun da ke kan allon yana bayyana a jikin gilashin, kyamarar kuma tana hango mutumin ta cikinsa ba tare da ta ɗauki rubutun ba. Wannan na'ura ita ce telefuromta.

Ta daɗe a duniya. A shekarar 1950 aka fara aiki da ita a Amurka, a wani wasan kwaikwayo na tashar CBS, bayan da ɗan wasa Fred Barton da injiniya Hubert Schlafly da Irving Kahn suka haɗa kai a kanta. A lokacin doguwar takarda ce da ake naɗewa, an buga mata manyan haruffa. A 1952 tsohon shugaban ƙasar, Herbert Hoover, ya yi jawabi da ita a babban taron jam'iyyar Republican. Da ya ɗan saki rubutun ya shiga magana da ka, sai takardar ta tsaya, har jama'a suka ji shi yana neman a ci gaba da juya ta. Yau kwamfuta ta maye gurbin takarda, amma mai karatu na nan da matsalarsa: abin da ke gabansa kawai yake gani, ba shi da damar leƙa gaba ko komawa baya.

Daga nan dukkan ƙa'idojin tsara rubutun suka samo asali. Gilashin ƙarami ne, mai gabatarwa kuma yana zaune nesa da shi da mita biyu ko uku, don haka dole haruffa su yi girma. Da zarar sun yi girma, layi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da kalmomi huɗu ko biyar, gilashin gaba ɗaya kuma layi biyar ko shida. Gajartar layin tana da wani amfanin. Idan layi ya yi tsawo, ƙwayar idon mai karatu za ta riƙa tafiya daga hagu zuwa dama, mai kallo a gida kuwa nan take zai gane karatu ake yi masa. Gajeren layi ido yana ɗauke shi da kallo ɗaya.

Abin da ya fi wuya shi ne inda za a karya layin. Kwamfuta tana karyawa ne inda wuri ya ƙare mata, babu ruwanta da ma'ana. A ce edita ya miƙo wannan jimla: "Hukumar makarantar ta ce ba za ta ƙara kuɗin makaranta a bana ba, duk da cewa ta kashe N2,400,000 wajen gyaran azuzuwa." A takarda ba ta da aibu. A gilashi kuwa tarko biyu ne a cikinta. Idan layi ya ƙare a kan "ta ce ba", na gaba ya fara da "za ta ƙara kuɗin makaranta", idon mai karatu zai faɗa kan layin da ke cewa za a ƙara kuɗi, muryarsa ta bi, sai ya isa "ba" ta ƙarshe sannan ya gane korewa ce. Tarko na biyu adadin ne: babu wanda zai iya juya sifili biyar zuwa Hausa yana tsakiyar numfashi. Mai tsara rubutu da ya san aikinsa zai mai da ita haka:

```
Hukumar makarantar ta ce /

ba za ta ƙara kuɗin makaranta
a bana ba. //

Ta ce ta kashe naira
miliyan biyu da dubu ɗari huɗu /

wajen gyaran azuzuwa. //
```

Jimla ɗaya ta zama biyu. "Ba za ta" ta zauna tare da aikatau ɗinta, adadin ya koma kalmomi, kalmar naira kuma ta zo a inda baki ke furta ta. Haka ake yi wa ƙananan kalmomi irin su "a", "da", "na" da "ya": ba a barin su a rataye a ƙarshen layi, ana tura su su bi kalmar da suke jagora.

Karkatattun sandunan nan su ne alamun tsayawa. Sanda ɗaya na nufin ɗan dakatawa na jan numfashi, biyu na nufin cikakkiyar tsayawa. Ana amfani da su ne saboda waƙafi da aya ƙanana ne, daga nesa kuma rubutu na tafiya, sukan ɓace wa ido. Wasu gidajen sun fi son ɗigo uku ko gajeren layi a kwance. Kowanne aka zaɓa ya yi, muddin kowa a ɗakin labarai ya san ma'anarsa kuma ba a sauya shi daga wannan labari zuwa wancan. Sai dai a yi hattara da yawansu. Rubutun da aka cika wa sanduna yakan sa mai gabatarwa ya riƙa magana guntu-guntu kamar mai kiran sunayen 'yan aji.

Tazarar da ke tsakanin layuka ma aiki take yi. A gefen gilashin akwai wata 'yar kibiya da ke nuna layin da ake kai, wani ma'aikaci kuma yana riƙe da abin juya rubutun, yana ƙara gudu ko ragewa gwargwadon bakin mai karatu. Shi ke bin mai karatu, ba mai karatu ke bin sa ba. Idan layuka sun matsu, ƙiftawar ido ɗaya ta isa mutum ya tsallake layi ko ya maimaita. Layin da aka bari babu komai a ƙarshen magana yana ba su duka biyun sararin daidaitawa, tsakanin labari da labari kuwa ana barin fili mai faɗi, don kada muryar labarin wasanni ta shiga cikin labarin rasuwa.

Galibi farin rubutu ake sa wa a kan baƙin fage, da haruffa marasa ado. Tsofaffin ɗakunan labarai sun saba buga komai da manyan baƙaƙe, wasu har yanzu haka suke so, amma hakan yana ɓoye farkon jimla da sunayen mutane da garuruwa. Umarnin da ba na karantawa ba ne, kamar "juya ga kyamara ta biyu", ana ba shi wani launi daban, in ba haka ba wata rana za a ji shi a iska.

Rubutun Hausa yana da nasa ƙarin aiki. Wasu nau'o'in haruffan kwamfuta ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai su nuna ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbinsu. Wanda ya guje wa matsalar ta hanyar cire lanƙwasa ya jefa mai karatu cikin wata, domin "baƙi" zai koma "baki", "ƙafa" ta koma "kafa". Ga shi boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo kamarsu ɗaya, kalmar da ke kusa ce kawai ke bambanta su. Idan karyar layi ta raba su da wannan kalmar, mai karatu sai ya yi canke.

Shi ya sa ake gwaji da murya kafin a shiga iska, a kan gilashin da za a yi aiki da shi, daga kujerar da za a zauna. Ana auna lokaci da agogo, domin lissafin kalma uku a daƙiƙa da aka saba yi a ɗakunan labaran Turanci kimantawa ce kawai, kowane mai gabatarwa da saurin bakinsa. Duk inda ya yi tuntuɓe sau biyu a wuri ɗaya, layin ake gyarawa. Sannan a buga masa kwafi a takarda a ajiye a kan tebur, mai lambar shafi, saboda ranar da wuta ko kwamfuta za ta ɗauke ana tsakiyar labarai.