Yadda ake gano iyakar bashin gidan da albashi zai iya ɗauka da manhajar Excel

Kafin ma'aikaci ya fara yawon duba gidaje, wayarsa za ta iya gaya masa iyakar bashin da albashinsa zai ɗauka. Abubuwa huɗu ake buƙata: abin da ke shigowa duk wata, kason da za a ware don biya, kuɗin ruwa na shekara, da tsawon lokacin biya.

A ɗauki ma'aikacin da ke karɓar naira 300,000 a wata bayan an cire haraji da fansho. Idan ya ware kashi ɗaya cikin uku, naira 100,000 ke nan duk wata. A ce zai karɓi rancen Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda ruwansa kashi 6 ne cikin ɗari a shekara, ya biya cikin shekara 20, wato wata 240. A Excel ko Google Sheets sai ya rubuta:

```
=PV(6%/12,240,-100000)
```

Amsar da za ta fito ita ce kusan naira miliyan 13.96. Wannan ce iyakar bashin. Jimillar abin da zai biya kuwa miliyan 24 ce, wato sama da miliyan 10 duk ruwa ne.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne haɗa shekara da wata. Wanda ya manta bai raba ruwan gida 12 ba zai ga kusan miliyan 1.67, wanda kuma ya sa 20 a maimakon 240 zai ga miliyan 1.9. Amsar da ta yi ƙanƙanta haka alama ce a sake duba waɗannan gurabe biyu.

Mutane da yawa na zaton ƙara shekaru ne ke ƙara girman bashi. Hakan na faruwa ne kawai idan ruwan ba shi da yawa. A kashi 6, shekara 30 za ta kai bashin miliyan 16.68. Amma idan banki ya sa kashi 24, shekara 20 za ta ba da miliyan 4.96, shekara 30 kuma ba za ta cika miliyan 5 ba. Dalili shi ne ruwan miliyan 5 a wata guda, kashi 2 cikin ɗari, ya riga ya cinye naira 100,000 ɗin gaba ɗaya, babu abin da ya rage na rage uwar kuɗi. Saboda haka neman sauƙin ruwa ya fi neman ƙarin shekaru amfani.

Lissafin ya ɗauka cewa ruwan ba zai canza ba har ƙarshe. Kuma idan ana cire wa mutum naira 30,000 duk wata na wani bashin, 70,000 zai sa a gurbin 100,000, iyakar kuma ta sauko zuwa miliyan 9.77.