Kuɗin da ke fita da kansa daga katin ɗan kasuwar Zango

Ɗan kasuwar da ke sayar da kayan waya ko na lantarki a Zongo Lane, cikin birnin Akara, yawanci ya buɗe katin Visa ko Mastercard ne don odar kaya daga waje. Amma kati ba ya tsayawa a hannu ɗaya. A gidajen Nima da Maamobi, inda wa da ƙane da ɗan riƙo ke kwana a farfajiya ɗaya, wanda yake da katin da ke aiki a intanet shi ne bankin kowa. Yau ƙane ya ara don ya buɗe Netflix, gobe ƙanwa ta sa lambar a wayarta don ta ƙara wurin ajiyar hotuna. Kowa ya ba mai katin kuɗin wata ɗaya a hannu, ana ganin an gama. Kamfanin kuwa ya adana lambar katin, zai ci gaba da cira kowane wata ba tare da ya sake neman izini ba.

Abin ya yawaita ne a 'yan shekarun nan. Netflix ya iso Ghana a 2016, Spotify a 2021, manhajoji da dama kuma sun daina sayarwa sau ɗaya sun koma biyan wata-wata. Ga tarkon "gwaji kyauta", wanda sai an sa lambar kati kafin a shiga, idan kwanakin suka cika kuma cira ta fara. Mutanen Zango sun saba da Momo, wanda MTN ta kawo a 2009, kuma a can al'adar ita ce kuɗi ba ya fita sai ka danna lambar sirri. Wanda ya taso a kan haka ba ya kawo wa ransa cewa akwai kuɗin da ke fita yana barci.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a tara takardun bayanin asusu na watanni a nemi adadin da ke maimaita kansa. A ganina wannan shawara ba don Ghana aka yi ta ba. Yawancin waɗannan kuɗaɗe da dala ake lissafa su, banki ne ke mayar da su sidi a farashin ranar, ya ɗora nasa caji. Sidi kuwa ba ta zama wuri ɗaya. A farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta haura 14. A 2025 abin ya juya, daga sama da sidi 15 a Afrilu zuwa kusan 10 a Yuni. Saboda haka cira ɗaya tak kan fito da adadi daban kowane wata.

Mu ɗauki misali, da ƙiyasin lambobi. An kwashe bayanin wata biyar na 2025 daga PDF zuwa Excel, layi ɗari uku da wani abu, a cikinsu akwai waɗannan:

```
14/03  APPLE.COM/BILL  159.20
14/04  APPLE.COM/BILL  158.70
14/05  APPLE.COM/BILL  129.40
16/06  APPLE.COM/BILL  105.80
14/07  APPLE.COM/BILL  138.10
```

Mai neman adadi iri ɗaya ba zai ga komai ba a nan. Abin da ya tona asirin shi ne suna da rana: suna ɗaya, tazara tsakanin kwana 28 da 33. Na Yuni ya zame zuwa 16 ga wata domin 14 ta faɗo ranar Asabar, banki bai shigar da shi ba sai Litinin. Idan aka raba kowane adadi da farashin dala na ranarsa, huɗun farko duk suna komawa kusan dala 10. Wato abu guda ne ake biya.

Layi na biyar ne ya kamata a tsaya a kansa. A Yuli dala tana nan kusa da inda take a Yuni, amma sidi 138 na nufin kusan dala 13. Ko dai an ƙara farashi, ko an ƙara wani biyan na dala 3 an haɗa su a cira ɗaya, domin Apple kan haɗa sayayya fiye da ɗaya a layi guda. Mai katin ba zai ji zafi ba, tunda 138 bai kai 159 ɗin da ya saba gani a Maris ba. Ƙarfin da sidi ta yi ya rufe ƙarin. A 2022 akasin haka aka gani: kuɗin ya ninka a sidi, alhali farashin a dala bai motsa ba.

Kwashe bayanin kansa yana da nasa rikici, kuma nan ne aikin ya fi lalacewa. Excel kan juya rana da wata, 03/04 ta koma 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu. Alamar ita ce ranakun da suka wuce 12 sai su maƙale a hagun akwati a matsayin rubutu, sauran kuma suna dama. Dogon suna kan karye gida biyu, rabinsa ya sauka layin ƙasa babu adadi. Wasu kamfanoni kuma suna liƙa wa sunansu lambar da ke canzawa duk wata, sai kwamfuta ta ɗauke su kamfanoni biyar. Maganin wannan shi ne a datse sunan kafin a jera:

```
=LEFT(UPPER(TRIM(B2)),12)
```

Sai dai a yi hattara da sunayen da ke farawa da `PAYPAL *` ko `GOOGLE *`, domin ainihin mai karɓar kuɗin yana bayan tauraron ne, datsewa na iya haɗe mutum uku a rukuni ɗaya.

Ba duk abin da ke maimaituwa ba ne cira ta atomatik. Kuɗin wutar ECG ko na data da mutum ke saya da hannunsa suna dawowa kowane wata, amma ranarsu na yawo yadda aljihu ya kama. Akwai kuma wanda ke ɓuya gaba ɗaya: biyan shekara-shekara ba zai bayyana sau biyu ba sai an tara bayanin aƙalla wata 13. A katin ɗan kasuwa da ke yashewa duk lokacin da aka yi odar kaya, cirar kan faɗi don babu kuɗi, kamfanin ya sake gwadawa bayan kwanaki, tazarar ta karkace. Wata ɗaya da babu cira ba hujja ba ce cewa an daina.

Asarar ba ta tsaya a dala goma a wata ba, ko da yake dala 120 a shekara kuɗi ne a shago mai ƙaramar riba. Babbar ɓarnar tana cikin lissafi, saboda kuɗin kallon fim na gida ya shiga cikin kuɗin saro kaya, mai shago yana ganin riba ta ragu bai san ta ina ba. Sannan ga zargi, wanda yakan fara sauka a kan yaron shago.

Bayan an gano, goge manhajar daga waya ba ya tsayar da komai. Dole a shiga asusun da aka yi rajistar da shi, a App Store ko Google Play ko shafin kamfanin, a soke daga can, kuma sau da yawa asusun na ƙanen ne, ba na mai katin ba. Takardar banki ba ta faɗin wayar wa ta yi rajista, don haka sai an bi wayoyin gida ɗaya bayan ɗaya. Banki kuma da wuya ya maido kuɗin da aka cira da lambar da mai kati ya bayar da kansa, sai dai wanda aka cira bayan an soke, shi ma idan an ajiye saƙon da ke nuna ranar sokewar.