Nawa Ne Ainihin Kuɗin Kayan da Suka Rage a Sito?

Duk ɗan kasuwar da ke saro hatsi a Dawanau ya san farashi ba ya kwana wuri ɗaya. Da zarar an jibge buhunan sarin jiya da na makon jiya a sito ɗaya, ba mai iya nuna wanda ya zo da tsada da wanda ya zo da sauƙi. To idan wata ya ƙare aka zo rufe littafi, a kan nawa za a rubuta abin da ya rage? Hanyar da ta dace da irin wannan kaya ita ce matsakaicin farashi mai la'akari da yawan kowane sari. Ƙa'idar akantoci ta duniya mai lamba 2, wadda ta shafi kayan sayarwa, ta amince da ita.

Mu ɗauki misalin mai sayar da masara. Ya shiga wata da buhu 20 a kan naira 40,000 kowanne, wato 800,000. Ya saro buhu 120 a kan 42,000, kuɗinsu 5,040,000. Kasuwa ta hau, bai iya ɗaukar fiye da buhu 20 ba a kan 54,000, wato 1,080,000. Da ta ɗan sauko ya ƙara buhu 40 a kan 47,000, kuɗinsu 1,880,000. Jimilla buhu 200 ke nan a kan naira 8,800,000. Idan aka raba kuɗin da yawan buhuna, kowanne ya tsaya a kan 44,000. Ya sayar da 140, saura 60, don haka kayan da suka rage kuɗinsu 2,640,000.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a tara farashin nan huɗu a raba gida huɗu. Hakan zai ba da 45,750, kuma da gani kamar daidai ne. Amma an ba ɗan sarin buhu 20 nauyi ɗaya da sarin buhu 120, alhali wancan bai wuce kashi ɗaya cikin shida na wannan ba. Da wannan farashi buhu 60 za su koma 2,745,000. An kumbura kaya da naira 105,000. Ba ƙaramin lamari ba ne, domin duk kobon da aka ƙara wa ragowar kaya ana rage shi daga kuɗin kayan da aka sayar, sai riba ta fito fiye da gaskiyarta. Mutum ya raba da abokin jari, ko ya cire ya yi hidimar gida, bai sani ba uwar kuɗi yake ci.

Ga gwajin da na fi yarda da shi. Kuɗin abin da aka sayar da kuɗin abin da ya rage, idan aka haɗa, dole su koma daidai abin da aka kashe. Buhu 140 a kan 44,000 sun kama 6,160,000, a ƙara 2,640,000, an dawo 8,800,000 cif. A gwada da 45,750 kuwa, buhu 200 za su ba da 9,150,000, kuɗin da bai taɓa fita daga aljihun mai kaya ba. Ko kafin a taɓa kalkuleta ma, ido na iya taimakawa: matsakaicin ba zai fita daga tsakanin 40,000 da 54,000 ba, kuma ya kamata ya karkata wajen 42,000, inda sari ya fi yawa.

Sai dai lissafi a takarda ba ya ganin ɓera, ba ya ganin buhun da ya fashe. A shiga sito a ƙirga da hannu. Idan 57 aka tarar, kayan 2,508,000 ne, sauran 132,000 asara ce, a rubuta ta da sunanta. Haka nan kuɗin mota da na dako da aka biya kafin kaya su iso sito suna cikin farashin sari, a sa su tun kafin a raba.

Wanda ke amfani da manhajar kwamfuta kada ya tsorata idan adadinta ya ɗan saɓa da nasa. Da yawansu suna sabunta matsakaicin ne duk lokacin da sabon sari ya shigo, ba sa jiran ƙarshen wata, shi ya sa sarin baya-bayan nan ke ƙara nauyi a ragowar kaya. Duka hanyoyin biyu halal ne, abin nema shi ne a riƙe ɗaya kada a riƙa sauyawa.

Akwai kuma iyakar da matsakaicin ba ya tsallakewa. Idan kaka ta yi, sabuwar masara ta shigo, har ya zama buhu ba zai kawo fiye da 41,000 ba bayan an cire kuɗin kai shi kasuwa, to a kan 41,000 za a rubuta shi, ba 44,000 ba. Ƙa'idar ta ce a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin sari da abin da kayan za su iya kawowa. Kafin ka rufe littafin wannan wata, ka tambayi farashin kasuwa na ranar.