Jadawalin Rubutu Da Ke Tafiya Da Lokacin Haraji

Kamfanin ba da shawara kan haraji a Nijeriya ya san lokacin da kasuwarsa ke ci. Masu ɗaukar ma'aikata kan miƙa bayanan harajin shekara kafin 31 ga Janairu, ɗaiɗaikun mutane kuma kafin 31 ga Maris. Don haka mai tsara jadawalinsa yakan fara lissafi daga waɗannan ranaku ya komo baya. Maƙalar da ke bayanin takardun da za a tanada takan fito tun Nuwamba, saboda sabon rubutu kan ɗauki makonni kafin ya samu gurbi a binciken Google.

A watannin da babu wa'adi, akan amsa tambayoyin da abokan hulɗa suka fi yi a ofis, ɗaya kowane mako biyu. Idan Google Search Console ya nuna masu buɗe tsohuwar maƙala suna raguwa, sai a sabunta alƙalumanta.