Tallan man kaɗanya a saƙon murya: abin da ake rubutawa kafin a fara naɗa

Mai sayar da man kaɗanya a Dungu, unguwar da ke kan hanyar Kumasi a kudancin Tamale, za ta iya samun mai saye a zangon Kumasi ko Lome ko Yamai ba tare da ta taka tasha ba. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa. Sai dai mai sauraro ba ya iya waiwayen layin da ya wuce kamar mai karatu, kuma idan aka tura saƙon daga hannu zuwa hannu, wanda ya karɓa ba ya ganin sunan wadda ta naɗe shi ko lambarta. Don haka komai sai ya kasance cikin muryar, kuma sai an rubuta shi a takarda tukuna.

Daƙiƙa talatin ba ta ɗaukar fiye da kalmomi sittin zuwa saba'in idan ana magana a natse. Gaisuwa irin tamu, da tambayar gida da yara da gajiya, za ta cinye rabinsu. Sallama ɗaya ta wadatar, sai sunan kaya a jimlar farko. Ga misali, da farashin da aka sa don kwatance kawai:

"Salamu alaikum. Man kaɗanya ne fari, ba haɗi, daga Dungu a Tamale. Na wannan makon ne. Roba mai kilo ɗaya sidi sittin, kuɗin Gana na yanzu. Kuɗin mota na mai saye ne. Ana sa kaya a motar Kumasi ranar Litinin da Alhamis. Farashin nan na watan Disamba ne. Hajiya mai man kaɗanya ce, ga lambata."

Sai ta faɗi lambar sau biyu, a rarrabe, yadda mai riƙe da biro zai iya rubutawa.

Inda ciniki ya fi lalacewa shi ne wajen kuɗi. A 2007 Gana ta sauya kuɗinta, sidi 10,000 na da ya koma sidi ɗaya, amma har yau akwai masu lissafi da tsohon ƙidaya a kasuwa. A wajensu sidi sittin dubu ɗari shida ne. A Nijar kuwa ana ƙirga sefa da dala, dala ɗaya sefa biyar, saboda haka wanda ya ji "ɗari" a Maraɗi zai fahimci sefa 500, "jika" kuma sefa 1,000. Kalma ɗaya ta Hausa, kuɗi daban-daban. Rubutun da bai ambaci sunan kuɗin ba yana jawo gardama bayan kaya sun riga sun hau mota. Idan ana neman masu saye a ƙasashen sefa, gara a naɗi saƙo na biyu dominsu da a cusa farashi biyu a saƙo guda.

Haka ma'auni. Kwano da ƙwarya ba girmansu ɗaya ba daga gari zuwa gari, kilo kuwa kilo ne. Ambaton wata shi ma yana da dalili: abin da aka sa a Status yana ɓacewa bayan awa 24, amma saƙon da ya shiga rukuni zai iya yawo har bayan farashi ya tashi.

"Mai kyau ne sosai" ba ya gaya wa kowa komai, don kowace mai talla haka take cewa. Launi ya fi amfani. Akwai fari mai ɗan duhu, akwai rawaya wanda ake sa wa saiwar borututu, kuma mai yin sabulu da mai shafawa da hunturu ba lalle su so iri ɗaya ba. Yana da kyau a ƙara cewa man yana narkewa da zafi a hanya, in ya sake daskarewa yakan yi tsaki-tsaki, kada mai saye ya zaci an cuce shi. Cewa yana maganin wata cuta kuwa a bar shi, domin tallan magani a Gana sai da amincewar hukumar kula da abinci da magunguna.

Idan bidiyo ne, a raba takardar gida biyu: abin da baki zai faɗa a gefe ɗaya, abin da ido zai gani a ɗayan. Lokacin da aka ce "kilo ɗaya", robar tana kan sikeli. Lokacin da aka ce "ba haɗi", yatsa yana lakatar man yana murza shi a bayan hannu har ya narke. Farashi da lamba a rubuta su a kwali da manyan alƙaluma, saboda masu kallo da waya a shiru.

Kafin a tura, a kunna wa wani da bai ga takardar ba, sau ɗaya tak, a tambaye shi mene ne kayan, nawa ne, wa zai kira. Wanda ya kasa amsawa a ciki, wannan layin ne za a sake rubutawa.