Yaron da Ke Kiran Kuka da Tuta

A gida duk sunansu ɗaya, masu tsamin baki. Amma ɗalibin da ke koyon gyaran magana ba zai haɗa su a kwarya ɗaya ba.

A ɗauki yarinya 'yar shekara 7 da ba ta iya fitar da "s" tsaf. Ko ta ce "sabulu" ko "masara", harshenta leƙowa yake yi tsakanin haƙora, iskar ta fita a baje. Ta san sautin da take nufi, kuma mai sauraro yana gane ta. Harshen ne bai iya zama inda ya kamata ba. Wannan ita ce matsalar furuci, kuma yawanci sauti ɗaya ko biyu take kamawa. Gyaranta horo ne: a sa madubi, a nuna mata inda za ta ajiye harshe a bayan haƙoran sama, ta faɗi sautin shi kaɗai, sannan cikin gaɓa, kalma, jimla, har hira. Tsarin da Ba'amurke Charles Van Riper ya yaɗa ke nan tun 1939.

Lamarin yaro ɗan shekara 5 da ke cewa "taza" maimakon "kaza", "dado" maimakon "gado", ya fi wannan zurfi. Duk sautin da ake yi da bayan harshe, shi gaba yake jawo shi. Abin mamaki, in an ce ya kwaikwayi "k" ita kaɗai, sau da yawa sai ya faɗe ta daram. Ashe bakin lafiya lau. A tsarin sautin da ke kansa ne "k" da "t" suka zama abu guda. Yara ƙanana kan yi haka, amma yawanci sun bari kafin su cika shekara 4. Shi ya sa baƙo kan kasa gane maganarsa, sai uwarsa ta yi tafinta.

Madubi ba zai yi masa wani amfani sosai ba. Sai a ajiye hoton bishiyar kuka da na tuta, a ce ya nemi ɗaya. Ya nuna sha'awar kuka, ya ce "tuta", a miƙa masa tuta. Zai ɓata rai, kuma nan ne darasin yake: ya ga cewa canza sauti yana canza ma'ana. In ya kama bambancin a 'yan kalmomi, gyaran kan yaɗu har zuwa "g" da ba a taɓa ba.

Kafin duk wannan, a auna jin yaron, don ruwa a kunne kan dushe sauti. A kuma tambayi karin harshen gidansu. Ɗan Sakkwato da ya ce "hwari" maimakon "fari" ba shi da wata matsala, Hausar iyayensa yake yi.